Da'ira a Ƙasa, Murabba'i a Tsaye: Auna Girman Dunƙule ta Hanyar Yanka Shi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗan yi nisa a darasin lissafi ya san cewa inda aka ga da'ira, to lambar nan π tana nan kusa. Da ita ake auna kewayen faifai, da ita ake auna filin bakin rijiya, da ita kuma ake sanin yawan ruwan da gwangwani zai ci. Amma akwai wani dunƙule wanda gindinsa cikakkiyar da'ira ce, bangonsa a lanƙwashe yake, samansa ma a lanƙwashe, duk da haka idan aka auna girmansa sai a tarar babu π ko alamarta a cikin amsar. A wannan maƙala za mu gina wannan dunƙule, mu auna shi, sa'an nan mu ga dalilin da ya sa masanan ƙasar Sin suka shafe kimanin shekara 200 kafin su warware shi.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Idan muka ce fili, muna nufin faɗin shimfiɗaɗɗen wuri, kamar fuskar allo, kuma ana auna shi da murabba'in santimita. Idan kuwa muka ce girman ciki, muna nufin yawan wurin da dunƙulallen abu ya cinye, ana auna shi da kubik santimita. Kubik santimita 1,000 shi ne lita ɗaya.

Yadda siffar take

Mai karatu ya zana da'ira a kan takarda, faɗinta santimita 10. Wato daga cibiya zuwa gefe santimita 5 ke nan. Ya ja layi ɗaya daga hagu zuwa dama ta kan cibiya. Wannan layi shi ne hanyar da za mu bi, mu kira shi ƙashin baya.

Yanzu a kowane wuri a kan ƙashin bayan ana iya jan wani layi da zai gitta shi a miƙe, ya taɓa gefen da'ira nan da can. Irin wannan layi za mu kira tsirkiya, domin ya yi kama da tsirkiyar baka. Tsirkiyar da ta bi ta kan cibiya ita ce mafi tsawo, santimita 10 cif. Duk yadda aka matsa zuwa hagu ko dama sai ta riƙa gajarta, har ta ɓace a bakin da'ira.

A kan kowace tsirkiya sai mu tsayar da murabba'i, kamar yadda ake jingina allo a tsaye, tsawon gefensa daidai da tsawon tsirkiyar. A tsakiya murabba'in zai kai santimita 10 a faɗi da 10 a tsayi. A can kusa da baki zai zama ɗan mitsitsi. Idan waɗannan murabba'ai suka jeru ba tare da giɓi ba, sun haɗu sun zama dunƙule guda.

Abin sha'awa shi ne wannan dunƙule fuska uku gare shi. Wanda ya leƙo shi daga sama zai ga da'ira. Wanda ya tsaya a ƙarshen ƙashin baya ya hango shi zai ga murabba'i. Wanda kuma ya dube shi daga gefe zai ga wata doguwar ƙubba mai kama da rabin ƙwai. Tambayarmu ita ce: nawa ne girman cikinsa?

Tsawon tsirkiya

Dukkan aikin ya rataya ne a kan sanin tsawon tsirkiya a kowane wuri. A ce mun matsa santimita 3 daga cibiya. Idan muka ja layi daga cibiya zuwa ƙarshen tsirkiyar da ke wurin, mun sami alwatika mai kusurwar digiri 90. Dogon gefenta santimita 5 ne, tun da daga cibiya ya tashi zuwa bakin da'ira. Gefe na biyu shi ne santimita 3 da muka matsa. Gefe na uku kuwa rabin tsirkiya ne. Ƙa'idar Paitagoras ta ba mu 25 − 9 = 16, saboda haka rabin tsirkiya santimita 4 ne, cikakkiyarta 8. Filin murabba'in da ke tsaye a nan shi ne 8 sau 8, wato 64.

Idan muka matsa santimita 4, rabin tsirkiya zai zama 3, cikakkiyarta 6, fili kuma 36. Domin kada mu yi ta maimaitawa, mu kira nisan da muka matsa da harafin x. Sai mu sami:

rabin tsirkiya = √(25 − x²)
tsirkiya = 2√(25 − x²)
filin murabba'i = 4(25 − x²) = 100 − 4x²

A lura da abin da ya faru a layi na uku. Alamar √ mai tsoratar da ɗalibai ta ɓace da kanta, domin tsirkiya aka riɓa sau kanta. Abin da ya rage lissafi ne mai sauƙi: a cire 4x² daga 100. Mai karatu ya gwada da x = 3, zai sami 64 ɗin da muka samu ɗazu.

Yanka kamar burodi

Girman cikin yankan burodi shi ne filin fuskarsa sau kaurinsa. Idan an tara na dukkan yankakkun, an sami na burodin baki ɗaya. Haka za mu yi wa dunƙulenmu. Matsalar kawai ita ce fuskokin yanka biyu ba su zama daidai ba, ɗaya ta fi ɗaya girma. Maganin wannan shi ne mu ɗauki filin da ke tsakiyar kowane yanka ya wakilce shi.

Mu fara da yanka biyar, kowane kaurinsa santimita 2. Tsakiyarsu ta faɗo a kan cibiya, da nisan 2 hagu da dama, da nisan 4 hagu da dama. Filayensu su ne 36, 84, 100, 84, 36. Jimla 340. A riɓa da kauri, wato 2, a sami kubik santimita 680.

To, mu rage kaurin zuwa santimita 1, yanka goma ke nan. A ɓangaren dama tsakiyarsu tana nisan 0.5, 1.5, 2.5, 3.5 da 4.5 daga cibiya. Filayensu su ne 99, 91, 75, 51 da 19, jimla 335. Ɓangaren hagu ma haka yake, saboda haka mun sami 670. Idan aka sake raba kaurin biyu aka yi yanka ashirin, amsa za ta zama 667.5.

Lambobin nan uku, 680 da 670 da 667.5, suna gangarowa ne zuwa wani wuri. Ragin farko 10 ne, na biyu 2.5, wato kashi ɗaya bisa huɗu na na farko. Haka kowane ragi zai ci gaba da zama rubu'in wanda ya gabace shi, kuma inda za su tsaya shi ne 666⅔. Amma ganin lambobi suna kusantar wuri ba hujja ba ce. Muna bukatar dalili.

Abin da aka sassaƙe

Dabarar ita ce mu bar auna dunƙulen, mu auna abin da ba shi ba. Mu saka shi a cikin akwati mai tsawo 10, faɗi 10, tsayi 10. Zai shiga daidai, ya taɓa kowane bango. Girman cikin akwatin kubik santimita 1,000 ne, lita ɗaya. Idan mun san yawan sararin da ya rage a cikin akwatin, mun san girman dunƙulen.

A nisan x daga cibiya, filin yankan akwatin 100 ne, na dunƙulen kuma 100 − 4x². Ashe ke nan sararin da ya rage a wannan yanka 4x² ne. Shi kuwa 4x² ba komai ba ne illa filin murabba'i mai gefe 2x. A cibiya wannan murabba'i ɗigo ne kawai. A nisan 1 gefensa 2 ne, a nisan 2 gefensa 4, a nisan 5 gefensa 10. Wane abu ne yake farawa da tsini, yana buɗewa a hankali daidai wa daida, har ya ƙare da murabba'in gindi? Dala ce, irin ta Masar, ko irin dalar gyaɗa da aka san Kano da ita a da.

Saboda haka sararin da ya rage a ɓangaren dama daidai yake da dala mai gindi 10 sau 10 da tsayi 5. Girman cikin dala sulusin filin gindi sau tsayi ne, wato 100 × 5 ÷ 3 = 166⅔. Akwai irinta a hagu, su biyu suka zama 333⅓. A cire daga 1,000, saura 666⅔. Dunƙulenmu ya cinye kashi biyu bisa uku na akwatinsa, ba ƙari ba ragi.

A nan akwai wata ƙa'ida da muka dogara da ita wadda ya kamata a fito da ita fili. Sararin da ya rage a akwatin bai yi kama da dala a ido ba, lanƙwasassun lunguna ne. Amma idan abubuwa biyu suna da fili iri ɗaya a kowane yanka, to girman cikinsu ɗaya ne, ko da siffarsu ta bambanta. Alal misali, a ɗora littattafai ashirin a kan juna, sa'an nan a tura su su karkace. Siffar tarin ta sauya, amma wurin da ya cinye bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ana danganta wannan ƙa'ida ga Cavalieri, masanin lissafi ɗan Italiya da ya wallafa ta a shekarar 1635.

Ɗaliban da suka fara kalkulas za su isa wuri ɗaya ta gajeriyar hanya, domin alamar ∫ tara yankakkun da kaurinsu ya kusa ɓacewa take nufi:

∫(100 − 4x²) dx = 100x − 4x³/3

A saka x = 5 a sami 500 − 166⅔ = 333⅓. Wannan ɓangaren dama ne. A riɓa biyu, 666⅔. Idan kuwa rabin faɗin da'irar r ne maimakon 5, amsar ita ce 16r³/3.

To ina π ta shiga? Ba ta sami ƙofa ba. π tana shiga lissafi ne idan an auna filin da'ira ko kewayenta. Mu kuwa ba mu auna ko ɗaya ba. Abin da da'irar ta ba mu tsawon tsirkiya ne kurum, kuma wannan daga alwatika ya fito. Duk filayen da muka tara na murabba'ai ne.

Kura-kurai huɗu da yadda ake gane su

Na farko, kuma wanda ya fi yawa a takardun jarrabawa, shi ne ɗaukar rabin tsirkiya a matsayin gefen murabba'i. Ɗalibi ya sami √(25 − x²) sai ya manta bai riɓa ta biyu ba. Tun da gefe ake riɓawa sau kansa, kuskuren ba ya tsayawa a rabi, amsar takan faɗo zuwa rubu'i, wato 166⅔.

Na biyu shi ne riɓa filin gindi da tsayi, kamar yadda ake yi wa gwangwani: 78.5 sau 10, a sami 785. Wannan girman gwangwanin da dunƙulen zai zauna a cikinsa ne. Dunƙulen kuwa a tsakiya kaɗai ya kai tsayin 10.

Waɗannan biyun ana iya kama su da ɗan gwaji na minti ɗaya. Daga nisan 3 a hagu zuwa nisan 3 a dama, babu yankan da filinsa ya gaza 64. Tazarar santimita 6 ce, saboda haka wannan tsakiyar kaɗai ta wuce 64 × 6 = 384. A ɗaya gefen kuma dunƙulen ba zai cika gwangwaninsa ba, don haka bai kai 785 ba. Duk amsar da ba ta faɗa tsakanin 384 da 785 ba, a koma a duba ta.

Na uku rashin karanta tambaya da kyau ne. Wani lokaci akan ce tsirkiyar ba gefen murabba'in ba ce, layin da ya haɗa kusurwa da kishiyarta ce. A irin wannan hali filin kowane yanka rabin na da ne, girman ciki kuma ya zama 333⅓.

Na huɗu ya fi su ɓoyuwa, shi ne kuskuren wajen da aka sa wuƙa. A kan cikakkiyar da'ira duk ta inda aka yanka amsa ɗaya ce. Amma mu raba da'irar biyu, mu ɗauki rabi a matsayin gindi. Idan murabba'an sun gitta miƙaƙƙen gefen, tsawon gefensu rabin tsirkiya ne, girman ciki kuma 166⅔. Idan kuwa an jera su suna bin miƙaƙƙen gefen, kowane yana da cikakkiyar tsirkiya, kuma abin da za a samu rabin dunƙulenmu ne, 333⅓. Gindi ɗaya, murabba'ai a duk biyun, amma wani ya ninka wani. Shi ya sa ya wajaba a zana gindin, a zana tsirkiya ɗaya a kansa, kafin a rubuta ko lamba guda.

Daga wannan dunƙule zuwa ƙwallo

Idan muka zame kowane murabba'i ƙasa har tsakiyarsa ta zauna a kan ƙashin baya, girman ciki ba zai sauya ba, bisa ƙa'idar tarin littattafai. Amma siffar da za ta fito sananniya ce. Ita ce wurin da bututu biyu masu faɗi ɗaya suke tarayya a kansa idan ɗaya ya ratsa ɗaya a gicciye.

Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin Miladiyya, ya san wannan siffa. A wata wasiƙa da ya aika wa Eratostenis a Iskandariya ya bayyana cewa girmanta kashi biyu bisa uku ne na akwatinta. Wannan rubutu ya ɓace ƙarnoni da dama, sai a shekarar 1906 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Heiberg ya karanto shi a Istambul, a jikin fatun da aka kankare aka rubuta addu'o'i a kansu.

A ƙasar Sin kuwa wata matsala ce ta kai su gare ta. Tsohon littafinsu na lissafi, wanda ake kira Babi Tara, ya ce girman ƙwallo kashi 9 bisa 16 ne na akwatinta. Ga ƙwallo mai faɗin santimita 10, wannan zai ba da 562.5, alhali gaskiyar amsar ba ta kai 524 ba. A shekarar 263 Miladiyya, Liu Hui ya rubuta sharhi a kan littafin, ya nuna cewa ƙa'idar ba daidai take ba. Ya lura cewa ƙwallon tana zama daram a cikin siffar mahaɗar bututun nan, kuma duk inda aka yanka su tare, za a ga da'ira a cikin murabba'i tana taɓa gefensa huɗu. Filin irin wannan da'ira kullum π/4 ne na filin murabba'in. Tun da haka yake a kowane yanka, girman ƙwallo ma π/4 ne na girman dunƙulen. Sai dai Liu Hui bai iya gano girman dunƙulen kansa ba, kuma ya faɗi haka a fili, ya bar aikin ga wanda zai zo bayansa.

Wanda ya zo shi ne Zu Geng, ɗan mashahurin masanin nan Zu Chongzhi da ya rayu daga 429 zuwa 500. Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce wadda muka bi a sama: ya dubi sararin da ya rage a akwati, ya gane cewa filinsa a kowane yanka daidai yake da na dala. Wannan ya faru fiye da shekara 1,000 kafin Cavalieri. Mai karatu na iya ƙarasa lissafin da kansa: 666⅔ × π/4 ya ba da kimanin 523.6. Da haruffa kuwa, 16r³/3 × π/4 = 4πr³/3, wato ƙa'idar girman ƙwallo da ɗalibai suke haddacewa. Ashe π ta dawo ne a daidai lokacin da yankakkun suka koma da'irori.

A ɗakin binciken halittu

Mu masu nazarin halittu da wannan hanya muke auna abin da ba shi da ƙa'ida ko ɗaya. Ƙoda ko wani sashe na ƙwaƙwalwa ba akwati ba ne, ba ƙwallo ba. Akan yanka shi a jere, tazarar da ke tsakanin yankakkun ta zama ɗaya, a auna filin kowace fuska, a tara, a riɓa da tazarar, kamar yadda muka sami 670 ɗazu. Sunan Cavalieri ne ma ake kiran hanyar da shi. Sharuɗɗanta su ne yankakkun su kasance a jere ba karkacewa, tazarar ta zama ɗaya, wurin yanka na farko kuma a zaɓe shi da ƙuri'a, don kada son rai ya sa a riƙa faɗawa kan wuri mafi kauri. Wajibi ne kuma a tuna cewa tsoka takan tsuke idan aka busar da ita aka saka ta a kakin da ake daskarar da ita kafin yanka, saboda haka girman da aka auna na tsukakkiyar tsoka ne. Na'urar asibiti mai ɗaukar hoton jiki yanka-yanka ma a kan wannan tarawa take dogara wajen auna girman ƙari.

Kammalawa

Malamin da yake son ɗalibansa su ga wannan dunƙule da idonsu ba ya bukatar komai sai kwali, almakashi da ruwan gam. A yanko murabba'ai goma, bibbiyu na kowane awo, tsawon gefensu santimita 9.9, 9.5, 8.7, 7.1 da 4.4. A zana da'ira mai faɗin santimita 10, a tsayar da su a kanta, tazarar santimita 1 tsakanin kowane da na kusa da shi, manyan biyu a tsakiya, rabin santimita hagu da dama da cibiya. Daga nan sai a ba aji wannan aiki: idan a kan kowace tsirkiya rabin da'ira aka tsayar maimakon murabba'i, wace siffa ce za ta fito, nawa ne girman cikinta, kuma shin π za ta bayyana a amsar ko kuwa?